An ce jininta ya daskare, ga shi kuma yana zuba: wanne ne gaskiya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Maiɗakina tana da ciki wata takwas, tana da hawan jini. Wani dare cikinta ya murɗa, ya yi tauri, jini kaɗan ya fito. Muka bari sai da safe. A asibiti aka ce ɗan ya rasu, mabiyiya ta rabu da mahaifa. Bayan ta haihu jini ya ɓalle, har ta wurin allura da dasashi. Likita ya ce DIC ce, wai jininta ya daskare a cikin jijiyoyi shi ya sa yake zuba. A takardar gwajin ranar an rubuta filatilet 42,000, PT daƙiƙa 21, fibirinojin 0.9. An ƙara mata jini leda shida, fitsarinta ya ragu kwana biyu sannan ya dawo. Yau kwana biyar, jini ya tsaya, sai ga shi suna yi mata allurar tsinka jini a fatar ciki. Surukata ta ce likitocin sun rikice, mu ɗauke ta mu koma gida. Ni ma na kasa ganewa. In hana allurar? Kuma abin zai sake dawowa?

Wani magidanci

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa mai ceto ne, ya ba maiɗakinka lafiya mai ɗorewa.

Kada ka hana allurar, kada kuma ku fitar da ita kafin a sallame ta. Likitocin ba su rikice ba. Daskarewar da zubar jinin abu ɗaya ne, na farkon ne ya haifi na biyun, kuma idan ka bi yadda abin ke tafiya daki-daki za ka iya yi wa Hajiya surukarka bayani da bakinka.

Jini na ɗauke da kayan toshe rauni iri biyu. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet, waɗanda ke ruguwa bakin rauni su manne da juna. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace mikirolita ta jini. Akwai kuma sinadaran daskarewa da hanta ke sarrafawa, suna narke a cikin ruwan jini, babbansu shi ne fibirinojin. Idan jijiya ta yanke, naman da ke bayanta yana fito da wani sinadari mai suna tishu fakto, wanda a ka'ida ba ya haɗuwa da jini. Haɗuwarsu ce ke tayar da wani sinadari mai suna tirombin, shi kuma tirombin ya mayar da fibirinojin zaruruwa masu ƙarfi da ke ɗaure filatilet su zama gudan jini. Duk wannan a bakin raunin kaɗai yake faruwa, domin jiki yana da masu taka wa tirombin birki kada ya wuce wurin, yana kuma da wani sinadarin, filasmin, mai narkar da gudan bayan rauni ya warke.

Mabiyiya da bangon mahaifar da take manne a kai suna cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan tishu fakto a jikin ɗan Adam. Da mabiyiyar ta ɓanɓare, jini ya taru a bayanta, mahaifa ta matse, sai wannan sinadari ya riƙa kwarara cikin jijiyoyin uwar. Daga nan tirombin ya tashi a ko'ina, ba a wuri ɗaya ba, har ya fi ƙarfin masu taka masa birki. Ƙananan gudajin jini, waɗanda ido ba ya gani, suka yi ta fitowa a siraran jijiyoyin ƙoda da huhu da hanta. Kowane guda ya ci filatilet, ya ci fibirinojin. Shi ma babban gudan da ke bayan mabiyiya ya cinye nasa kason. Hanta da ɓargo suna ƙera sabo, amma abin da suke yi a yini ana cinye shi a 'yan awoyi. Ka ɗauki magini da ya ƙarar da simintinsa wajen toshe magudanan ruwan gida, waɗanda bai kamata a toshe ba. Da katanga ta tsage, babu abin da zai liƙe ta da shi. Gidan ya samu matsala biyu a lokaci guda, magudanai a toshe, katanga a buɗe.

Akwai ƙari a kan haka. Da jiki ya ga gudaji sun cika jijiyoyi sai ya saki filasmin da yawa don ya narkar da su, shi kuwa filasmin ba ya tantance guda mai amfani da marar amfani. Ɗan gudan da ya samu ya toshe wurin allura, shi ma narkewa yake yi. Ɓurɓushin da narkewar ke bari kuma yana hana sabbin zaruruwa haɗuwa, yana rage wa filatilet ƙarfi, ana kuma ganin yana hana mahaifa tsukewa da kyau bayan haihuwa. Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, domin a ƙarshen ciki jinin da ke bi ta mahaifa ya kai wajen rabin lita ko fiye a kowane minti. Mahaifar da ba ta tsuke ba, a jikin da ba shi da kayan daskarewa, tana iya zubar da jinin mace cikin ƙasa da awa guda.

Yanzu ga lambobin takardar. Ƙungiyar masana daskarewar jini ta duniya ta fitar da wani ma'auni a 2001 wanda ake ba kowane gwaji maki. Filatilet ƙasa da 50,000 maki biyu ne, nata ya faɗa nan. PT lokacin da ruwan jini ke ɗauka ne kafin ya daskare a ɗakin gwaji, na mai lafiya wajen daƙiƙa 11 zuwa 14. Idan ya zarce na ka'ida da fiye da daƙiƙa shida, maki biyu ne, nata ya zarce da bakwai ko fiye. Fibirinojin ƙasa da giram ɗaya a lita maki ɗaya ne. Jimla biyar ke nan, kuma daga biyar ake cewa cutar ta bayyana. Akwai gwaji na huɗu mai auna ɓurɓushin narkewar gudaji, a takarda za ka ga an rubuta D-dimer, amma ko ba a saka shi a lissafi ba nata ya riga ya cika. A mai ciki ma ba a dogara da shi sosai, don ciki kansa yana ɗaga shi.

A cikin ukun, fibirinojin ne ya fi faɗin gaskiya. Wanda ba shi da ciki yana da giram 2 zuwa 4 a lita. Mace mai tsohon ciki kuwa nata yakan hau zuwa 4 ko 6, tanadi ne da jiki ke yi wa ranar haihuwa. Saboda haka idan mai haihuwa tana zubar jini aka ga nata ya sauka ƙasa da 2, an riga an shiga haɗari, ko da takarda ba ta nuna abin tsoro sosai ba. Na maiɗakinka ya nuna cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na tanadinta ya ƙare kafin a ɗebi jinin gwajin. Wannan kuskure ne da ake yi a ƙananan asibitoci, a auna na mai ciki da ma'aunin wanda ba shi da ciki, a ce da sauƙi.

Inda babu ɗakin gwaji ma ana iya ganewa. Ana ɗibar jini mililita biyu a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a riƙe a dunƙulen hannu don ɗumi. Bayan minti huɗu a karkata ta a hankali, sannan kowane minti ɗaya. Idan minti bakwai ya cika jini bai zama guda ba, ko ya yi guda mai laushi da ke wargajewa, kayan daskarewa sun yi ƙasa. Sai gilashi, roba ba ta ba da sakamakon gaskiya. Ungozoma mai lura kuma takan gane tun kafin gwaji: jinin da ke zuba ya tsinke, ba ya yin gudaji a kan zani, wurin da aka soka allura awa biyu da suka wuce ya koma yana tsattsafowa.

Raguwar fitsarinta ta fito ne daga ɓangaren daskarewar, haɗe da faɗuwar awon jini. Ƙoda tarin siraran jijiyoyi ce, gudaji kaɗan sun isa su rage aikinta, ga shi jinin da ke isa gare ta ya yi ƙaranci. Shi ya sa aka saka mata robar fitsari ana aunawa. Abin da ake nema aƙalla mililita 30 ne a kowace awa. Dawowar fitsarin bayan kwana biyu alama ce mai kyau ƙwarai, tana nuna ƙodar suma ta yi, ba mutuwa ba. Akwai waɗanda nasu ba ya dawowa sai an kai ga wankin ƙoda.

DIC ba ta zuwa ita kaɗai, kullum akwai abin da ya tayar da ita, kuma ba ta tsayawa sai an kawar da shi. Ga maiɗakinka maganin na ainihi shi ne fitar da ɗan da mabiyiyar, shi ya sa a irin wannan hali akan fasa ruwa a hanzarta naƙuda. Jinin da aka ƙara mata lokaci ne aka saya. Kuma ba kowane jini ne ke wannan aikin ba. Ledar jajayen ƙwayoyi zalla tana mayar da jinin da ya zuba amma ba ta ɗauke da kayan daskarewa, ƙarin ruwa kuma yana ƙara tsinka ɗan abin da ya rage. Abin da ake so shi ne filasma, wato ruwan jini da aka daskarar a firiza, mililita 15 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mace mai kilo 60 tana buƙatar wajen mililita 900, leda huɗu ke nan. Akwai kuma kirayo, wanda aka tace daga filasma, fibirinojin ya taru a cikinsa. Leda goma ƙanana sukan ɗaga shi da kusan giram ɗaya a lita. Filatilet ana ƙara su idan sun gaza 50,000 kuma jini na zuba. Asibitoci da yawa a wajenmu ba su da waɗannan, sai a koma ga sabon jini cikakke da aka ɗiba ranar, wanda ke ɗauke da komai a haɗe. Dalilin da ya sa ake matsa wa dangi su kawo masu ba da jini nan take ke nan. Ana kuma lulluɓe majinyaciya a ɗumama abin da ake ƙara mata, don sinadaran daskarewa ba sa aiki sosai a jikin da ya yi sanyi.

Wataƙila ka ga an yi mata allurar taranekzamik asid, giram ɗaya ta jijiya. Aikinta hana filasmin narkar da gudaji. Wani babban bincike da aka buga a 2017, a kan mata kusan 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jinin haihuwa idan an ba da ita cikin awa uku. Bayan awa ukun amfaninta yana gushewa.

To, allurar da ta tayar muku da hankali. Da mabiyiya ta fita, abin da ke kunna tirombin ya yanke. Hanta tana mayar da fibirinojin cikin yini ɗaya ko biyu, filatilet sukan ɗauki kwanaki kafin su cika. Daga nan jiki yakan wuce gona da iri, kayan daskarewa su yi yawa. Matar da ta haihu, ta yi zubar jini mai yawa, aka ƙara mata jini, ga hawan jini, ga kwanciya kwana da kwanaki, tana cikin waɗanda suka fi kowa haɗarin samun babban guda a jijiyar ƙafa. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mace a tsaye, bayan kowa ya ɗauka ta warke. Allurar hefarin da ake yi mata a fata ƙaramin adadi ne na rigakafi, yawanci inoksafarin miligiram 40 sau ɗaya a rana, ana daidaita shi da nauyinta da aikin ƙodarta. Ba a fara ta sai jini ya tsaya, filatilet sun hau. Fara ta da aka yi shaida ce cewa likitocin sun ga matakin zubar jini ya wuce. Haƙƙinka ne ka tambaye su abu uku: nawa ne filatilet ɗinta yau, yaya gwajin ƙoda, kuma kwana nawa za a ci gaba da allurar, domin wasu har sati shida ake yi musu. Idan jini ya sake ɓallewa, ko ta fara ciwon kai mai tsanani, a gaya wa nas kafin allura ta gaba.

Ka yi wa Hajiya magana da tausasawa, ita ma tsoron rasa 'yarta take yi. Addu'a da tofi ba su hana zama a asibiti. Abin da bai kamata ba shi ne a kawo mata jiƙo ko wani maganin sha a ɓoye, domin ƙodar da ta farfaɗo jiya ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san ko mene ne ba.

DIC ba cutar gado ba ce, ba ta kuma zama a jini tana jiran rana. Sauran abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne. Mafi yawa a asibitoci shi ne ƙwayoyin cuta su mamaye jini, daga ciwon huhu, ko fashewar hanji a taifot, ko mahaifar da ta ruɓe bayan ɓari ko zubar da ciki. A nan fararen ƙwayoyin jini da bangon jijiyoyi ne da kansu ke fito da tishu fakto, kuma jiki yana danne filasmin, don haka toshewa ta fi zubar jini yawa: ƙoda da huhu su gaza, yatsu su yi baƙi. A sanƙarau irin wanda ke shiga jini ana ganin tabo masu duhu a fatar yaro suna yaɗuwa cikin awoyi. Irin wannan DIC ba a cika ba ta taranekzamik asid ba, don tana iya ƙara toshewar. Maganinta kashe ƙwayar cutar da wuri. Sai mummunan haɗarin mota, musamman idan ƙwaƙwalwa ta taɓu, da ƙuna mai faɗi, da ƙarin jinin da bai dace da na mutum ba, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a wasu lokuta. Sankarar ciki ko ta mafitsarar maza takan kawo ta a hankali tsawon watanni, wani nau'in sankarar jini kuma yana kawo ta da zubar jini mai tsanani tun ranar farko. A ɓangaren ciki, ban da rabuwar mabiyiya, akwai jijjiga da hawan jini mai taɓa hanta, da shigar ruwan mahaifa cikin jijiyar uwa, da ɗan da ya mutu ya yi makonni a ciki, da kowace zubar jini da aka bari ta yi nisa.

Manoma da makiyaya sun san wani ɗan'uwan wannan ciwo. Dafin kububuwa yana kunna tirombin kai tsaye, ya cinye fibirinojin, sai wanda aka sara ya fara zubar jini ta dasashi da tsofaffin raunuka. A Kaltungo da sauran wuraren da ake jinyar saran maciji, da kwalbar gilashi ake ganewa, sai dai minti ashirin ake jira. Can ma ƙarin jini kaɗai ba ya warkarwa, sai an yi allurar kashe dafin, a sake gwajin bayan awa shida.

Abin da ke iya dawowa ga maiɗakinka shi ne rabuwar mabiyiyar. Wadda ta taɓa samu ta fi sauran mata haɗarin sake samu sau da yawa, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Akwai maganar da ba don zargi muke faɗa ba, sai don gaba. Ɗan jinin da kuka gani a daren nan ba shi ne ma'aunin abin da ya zuba ba. A rabuwar mabiyiya lita biyu ko fiye na iya ɓoyewa a cikin mahaifa, waje kuwa ɗigo kawai. Ciwon da ba ya lafawa, da taurin ciki, da daina motsin ɗa su ne alamomin gaskiya. Kowace awa da mabiyiyar ta yi a rabe a ciki, kayan daskarewa ƙara ƙarewa suke yi. A kowane ciki na gaba, ɗaya daga cikin waɗannan alamomi na nufin asibiti a wannan sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne.

Kafin nan akwai jego. Tunda ba ta shayarwa, tana iya ɗaukar ciki tun kafin arba'in, don haka ku tattauna hanyar tazara da likita kafin sallama, ku gaya wa duk wanda zai ba ta maganin cewa tana da hawan jini, domin ƙwayoyin tazara masu sinadarin istirojin ba su dace da ita yanzu ba. A bar kunun kanwa, gishirin da ke cikinta yana ɗaga hawan jini yana tara ruwa a jiki, a kuma sassauta wankan ruwan zafi. Kada ta sha diklofenak ko ibufurofen daga kemis, suna cutar da ƙoda suna kuma raunana filatilet. Farasitamol ya isa. Ta sha maganin ƙarin jini na ƙarfe aƙalla wata uku. A auna hawan jininta sau biyu ko uku a satin farko a gida, a maimaita gwajin ƙoda da na jini a sati na shida. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari, kowannensu a koma asibiti ranar. Idan kuma wata uku ya wuce al'ada ba ta dawo ba, tana fama da kasala da jiri da jin sanyi, a gaya wa likita tarihin zubar jinin, don wani lokaci yana lalata wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, kuma akwai maganinsa.

Idan Allah ya kawo wani rabon, ta fara awo tun wata na biyu ko na uku a asibitin da ke da likitan mata da ma'ajiyar jini. Akan fara wa irinta ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 kullum, daga sati na 12, tare da maganin hawan jini da ya dace da ciki, kuma akan tsara ranar haihuwa kafin cikin ya kai ƙarshe. Ka nemi a rubuta maka taƙaitaccen rahoton wannan jinya ka adana, ka san rukunin jininta, ka kuma ware mutum uku ko huɗu masu irinsa waɗanda za su amsa waya da dare tun cikin yana wata bakwai.